Dusashewa da rawar zanen fiksel yayin motsin kyamara

Dusashewa da rawar zanen fiksel wasu matsaloli ne guda biyu da ake gamuwa da su a wasannin bidiyo masu zanen fiksel, musamman a lokacin da kyamarar wasa take motsi. Dusashewa ita ce gefen zane ya rasa kaifinsa ya koma dishi-dishi. Rawa kuwa ita ce layukan zanen su riƙa kumbura suna motsewa, ko kuma ɗan wasa ya riƙa karkarwa a tsakiyar allo alhali tafiyarsa daidai take. Tushen matsalolin biyu ɗaya ne: ragar fiksel ɗin da aka yi zanen a kanta ba ta zauna daidai a kan ragar fiksel ɗin allo ba. Ana magance su ta hanyar sauya yadda ake tace hoto, da faɗaɗa hoton da cikakkiyar lamba, da kuma ɗaure matsayin kyamara a kan raga.

Ma'anar kalmomi

Fiksel shi ne ƙwayar hoto mafi ƙanƙanta, wato ɗan murabba'i mai launi ɗaya tak. Kalmar aro ce daga Turanci, kuma a bakin Bahaushe sautin farkonta yakan koma "f", kamar yadda ya faru da fensir da famfo. Zanen fiksel shi ne zanen da mai zane yake ajiye kowace ƙwaya da hannunsa a cikin gidanta, kamar mai jera 'ya'yan dara. Hoton ɗan wasa yana iya zama fiksel 16 a tsaye da 16 a kwance kacal, idonsa kuma fiksel ɗaya. Saboda haka kuskuren da ba za a lura da shi ba a hoton da aka ɗauka da waya, a nan yana iya shafe ido ko ya ninka kaurin takobi.

A wannan maƙala akwai fiksel iri biyu. Akwai fiksel na zane, wanda masu shirya wasa suke kira teksel idan an loda hoton cikin katin hoto na kwamfuta. Akwai kuma fiksel na allo, wato ɗigon haske na zahiri da ke jikin na'urar. Kyamara a nan ba na'ura ba ce. Lambobi ne da suke nuna wane yanki na duniyar wasan za a nuna. Firam kuwa shi ne hoto ɗaya daga cikin hotunan da ake jerawa, galibi 60 a daƙiƙa.

Asali

Tsoffin na'urorin wasa ba su san wannan matsala ba. Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, tana fitar da hoto mai 256 × 240, Game Boy ta 1989 kuma tana da allo mai 160 × 144. A irin waɗannan na'urori ba a iya gusar da bango ko ɗan wasa sai da cikakken fiksel. Wasanni da dama suna riƙe guntun lamba a cikin lissafinsu don tafiya ta yi sannu ko sauri, amma idan aka zo zana hoton sai a yar da guntun.

Katin hoto na zamani an ƙera shi ne don duniya mai zurfi, inda abu yake iya zama a kowane matsayi da kowane girma. Idan aka ce ya ajiye hoto a 91.8, zai ajiye shi a 91.8, sannan ya nemi dabarar da zai raba launukan a kan allon. Wannan dabara ita ce tacewa, kuma daga nan matsalar farko take farawa.

Tacewa da dusashewa

A ɗauki wasan da aka tsara a 320 × 180, wanda shi ne girman da Celeste na 2018 yake amfani da shi, ana nuna shi a allo mai 1920 × 1080. Kowane fiksel na zane zai mamaye fiksel 6 na allo a kwance da 6 a tsaye. Katin hoto yana bin fiksel ɗin allo ɗaya bayan ɗaya yana neman launin da zai ba kowanne, kuma hanyoyi biyu ne aka fi sani.

Hanya ta farko ita ce ta mafi kusa. Katin yana duba teksel ɗin da tsakiyar wannan fiksel na allo ta faɗa a cikinsa, ya kwafi launinsa ba ragi ba ƙari. Hanya ta biyu ita ce ta gauraya, inda katin yake ɗaukar teksel huɗu da ke kewaye da wurin ya cakuɗa launinsu gwargwadon kusancin kowanne. Yawancin injinan wasa da ta biyun suke zuwa, domin ita ta dace da hotuna masu laushi.

Ga abin da gauraya take yi wa zanen. Idan baƙin teksel mai darajar haske 0 yana maƙwabtaka da fari mai 255, kuma an faɗaɗa su sau 6, fiksel shida na allo da ke tsakanin tsakiyar baƙin da tsakiyar farin za su sami kusan 21, 64, 106, 149, 191 da 234. Maimakon iyaka mai kaifi sai a sami gangara mai faɗin teksel guda cur. Farin layi mai kaurin teksel ɗaya a kan baƙin bango ma ba zai taɓa kai wa 255 ba, iyakarsa 234, sauran duk toka-toka ne. Wannan shi ne dishi-dishin da ake gani ko da kyamara tana tsaye.

Idan kyamara ta motsa abin ya fi muni a wasan da ake fara zanawa a ƙaramin girmansa. A matsayi na 10.0 farin layin yana zaune a gida ɗaya da cikakken haskensa. A 10.5 ya rabu gida biyu, kowanne da rabin haske. A 11.0 ya sake haɗewa. Ido yana ganin wannan kamar hoton yana numfashi, yana kaifi yana dusashewa.

Gyaran wannan sashe shi ne mafi sauƙi. A Unity ana zaɓar hoton, a mayar da Filter Mode zuwa Point (no filter), a mayar da Compression zuwa None, a kuma kashe Generate Mip Maps. Matse hoto yana ɓata launukan da ke gefe, ƙananan kwafin hoton da zaɓi na ƙarshe yake samarwa kuma dama a cakuɗe suke. A Godot 4 ana shiga Project Settings a mayar da Default Texture Filter zuwa Nearest. Mai rubuta OpenGL kai tsaye zai yi haka:

```c
glTexParameteri(GL_TEXTURE_2D, GL_TEXTURE_MIN_FILTER, GL_NEAREST);
glTexParameteri(GL_TEXTURE_2D, GL_TEXTURE_MAG_FILTER, GL_NEAREST);
```

Sau da yawa akan gyara hotunan a manta da matakin ƙarshe, inda ake faɗaɗa ƙaramin hoton gaba ɗaya zuwa girman allo. Shi ma yana da nasa zaɓin tacewa. Wasan da yake gudana a burauza, misali, yana buƙatar `image-rendering: pixelated` a kan `canvas` ɗinsa, in ba haka ba burauzar za ta gauraya abin da injin ya fitar da kaifi.

Faɗaɗawa da guntun lamba

Masu koyo da yawa sukan tsaya a nan, sai su ga dusashewa ta tafi amma rawa ta bayyana. Dalili shi ne hanyar mafi kusa ba ta san rabi ba. Kowane fiksel na allo dole ya zama na teksel guda, don haka idan rabon bai fita daidai ba, wasu teksel za su sami kaso fiye da wasu.

Misali mai kyau shi ne allon 1366 × 768, wanda yake a jikin ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka masu yawa. Idan aka miƙe hoton 320 × 180 ya cika tsayin wannan allo, 768 a raba da 180 zai ba da kusan 4.27. Babu teksel da zai iya samun layi 4.27. Abin da zai faru shi ne, daga cikin layuka 180 na zanen, 132 za su sami layin allo huɗu-huɗu, 48 kuma su sami biyar-biyar. Wato a kowane layi 15 akwai huɗu da suka fi 'yan'uwansu kauri da kashi ɗaya cikin huɗu.

A hoton da yake tsaye wannan ba ya damun mutane sosai. Wataƙila mai lura ya ga ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Amma wuraren da kaurin yake faɗawa a manne suke da allo, ba da zanen ba. Da zarar kyamara ta gusa, layin tubalin da yake da kauri biyar a wannan firam zai koma huɗu a na gaba, na kusa da shi kuma ya kumbura. A bango mai maimaita zane, kamar tubali ko shinge ko matakala, sai a ga kamar igiyar ruwa tana ratsa shi. Wannan ita ce rawar da aka fi kokawa da ita, kuma babu wani gyaran kyamara da zai kawar da ita muddin ma'aunin faɗaɗawa yana da guntu.

Maganin shi ne a ɗauki cikakkiyar lamba mafi girma da za ta shiga allon, a bar sauran wurin baƙi. A 1366 × 768 lambar ita ce 4, hoton zai zama 1280 × 720. Ragowar 86 a kwance za a raba ta 43 hagu 43 dama, ragowar 48 a tsaye kuma 24 sama 24 ƙasa. Asarar ba ta da yawa. Abin da ya sa ake son 320 × 180 ke nan: yana shiga 1280 × 720 sau 4, 1920 × 1080 sau 6, 2560 × 1440 sau 8, 3840 × 2160 kuma sau 12, duk ba ragowa. Wasan da aka tsara a 480 × 270 yana shiga 1920 × 1080 sau 4 daidai, amma a 1280 × 720 sau 2 kawai yake shiga, ya bar baƙin gefe mai faɗi. Saboda haka zaɓen girman asali abu ne da ake yi tun kafin a fara zane.

A Godot ana sa Stretch Mode a kan viewport, sannan Scale Mode a kan integer, zaɓin da aka ƙara a sigar 4.2 ta 2023. A Unity akwai lissafin da ake yawan kuskurewa. Kyamarar tana auna duniya da nata ma'auni, ba da fiksel ba, kuma Pixels Per Unit na kowane sabon hoto yana zuwa ne a 100. Idan tayal ɗin wasan 16 × 16 ne, akan mayar da shi 16 ga dukkan hotuna. Size na kyamarar kuwa rabin tsayin abin da take gani ne, don haka 180 a raba da 16 a sake rabawa biyu zai ba da 5.625. Wanda ya bar shi a 5 ya jawo wa kansa guntun lamba ba tare da ya sani ba. Pixel Perfect Camera yana yin wannan lissafi da kansa idan aka cika masa Reference Resolution da Assets Pixels Per Unit.

Ɗaure kyamara a kan raga

Ko da tacewa da faɗaɗawa sun daidaita, saura matsayi. Kyamarar da take bin ɗan wasa a hankali kusan kullum tana kan guntun lamba. Ɗaurewa a kan raga tana nufin a mayar da matsayin zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa kafin a zana firam. A Godot 4 zaɓin Snap 2D Transforms to Pixel yana yin haka, a Unity kuma akwai Pixel Snapping da Upscale Render Texture a cikin Pixel Perfect Camera. Idan ba a ɗaure ba, kyamarar da ta tsaya dab da rabin fiksel takan sa wasu tayal su karkata hagu wasu dama, har siririn layi ya buɗe a tsakaninsu.

Sai dai ɗaurewar kanta tana haifar da wata karkarwa idan aka yi ta ba tsari, kuma wannan ce ta fi wahalar ganowa. A ɗauka ɗan wasa yana gudun fiksel 90 a daƙiƙa, wato 1.5 a kowane firam, kyamara kuma tana biye da shi a baya da tazarar 8.4 da ba ta sauyawa. A firam huɗu a jere matsayin ɗan wasan zai zama 100.2, 101.7, 103.2 da 104.7. Na kyamara zai zama 91.8, 93.3, 94.8 da 96.3. Idan aka ɗaure kowanne shi kaɗai, ɗan wasa zai koma 100, 102, 103, 105, kyamara kuma 92, 93, 95, 96. Abin da ido yake gani shi ne bambancin da ke tsakaninsu, kuma bambancin ya zama 8, 9, 8, 9. A lissafi tazarar ba ta motsa ba ko kaɗan, amma a allo ɗan wasan yana tsalle gaba da baya a kowane firam, kuma a faɗaɗawa sau 6 kowane tsalle fiksel shida ne na allo. Abin takaicin shi ne abin da mai wasa ya fi zuba wa ido shi ne yake karkarwar.

Gyaran shi ne a ɗaure tazarar, ba kyamarar ita kaɗai ba. A fara ɗaure ɗan wasa, a ɗaure tazarar da ke tsakaninsa da kyamara, sannan a cire ta biyu daga ta farko:

```gdscript
var tazara = (dan_wasa - kyamara).round()
var wurin_zane = dan_wasa.round() - tazara
```

Da wannan tazarar za ta tsaya a 8, kyamara kuma ta bi 92, 94, 95, 97. Ɗan wasa ya natsu a wurinsa. Bango ne yanzu yake tafiya da taku 2, 1, 2, wanda ba makawa a gudun 1.5, amma ido ya fi yafe wa bango. Wasu masu shirya wasa sukan kauce wa wannan ma ta hanyar zaɓar gudun da yake shiga 60 daidai ko wanda 60 take shiga cikinsa daidai, kamar 30 ko 60 ko 120 a daƙiƙa. Tafiyar karkace tana da irin wannan ciwo: idan guntun lambar kwance da na tsaye ba su zo ɗaya ba, ɗan wasa zai riƙa gusawa gefe a wannan firam, sama a na gaba, kamar mai hawa matakala.

Akwai ƙa'idar da ba a karyawa a nan. Lambar da aka ɗaure ta zane ce kawai, ba a mayar da ita cikin lissafin motsi. Abin da yake tafiyar 0.4 a kowane firam, idan ana ɗaure ainihin matsayinsa, daga 50 zai je 50.4 a dawo da shi 50, kuma haka zai yi ta yi har abada bai gusa ba. Kyamarar da take rage gudu yayin da ta kusa isa wurinta ita ma takan maƙale kafin ta isa, saboda wannan dalili.

Kyamara mai santsi

Ɗaurewa a kan ragar zane tana da farashi. Idan kyamara tana tafiya a hankali, a ce fiksel 10 a daƙiƙa, hoton zai tsaya firam shida sannan ya yi tsallen fiksel shida na allo lokaci guda. Wasu suna son haka don ya yi kama da tsoffin na'urori, wasu kuma yana gajiyar musu da ido a babban allo.

Dabarar da aka saba ita ce a zana duniyar a ƙaramin hoto da aka ƙara wa fiksel ɗaya a kowane gefe, wato 322 × 182, da kyamara a ɗaure. Guntun da aka yar sai a adana shi, a yi amfani da shi wajen gusar da hoton bayan an faɗaɗa. Idan kyamara tana 91.8, za a zana a 91, ragowar 0.8 sau 6 ta ba da 4.8, sai a gusar da babban hoton da fiksel 5 na allo. Kowane teksel yana nan da girmansa na 6 × 6, amma takun kyamara ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin shida. Ƙarin gefen shi ne yake hana ɓaraka bayyana a bakin allo. Wahalar wannan hanya ita ce ɗan wasan da kyamara take bi har yanzu yana taku da cikakken teksel a cikin ƙaramin hoton, don haka yana iya komawa karkarwa, sai dai a zana shi a wani shafi na daban. Rubutu da ma'aunin rai na ɗan wasa su ma ba a haɗa su cikin abin da ake gusarwa.

Idan wasan yana zuƙowa da nisantawa, ko yana juya hoto, cikakkiyar lamba ba za ta yiwu ba. A nan akan koma ga sulhu: a faɗaɗa da hanyar mafi kusa zuwa cikakkiyar lamba, sannan a ƙarasa ɗan abin da ya rage da gauraya. Cikin kowane teksel yana riƙe launinsa, iyakarsa kaɗai ce take cakuɗewa da kimanin fiksel ɗaya na allo. Manhajar RetroArch tana da irin wannan da sunan sharp-bilinear. A allo mai yawan fiksel da wuya a gane laushin, a ƙaramin allo kuwa ana ganinsa.

Yadda ake gane musabbabi

Gwaji na farko shi ne a tsayar da wasan a ɗauki hoton allo, a buɗe shi a manhajar zane a zuƙo sosai. Idan akwai launukan da mai zane bai sa ba a bakin iyakoki, tacewa ce. Idan launuka tsaf suke amma da aka ƙirga sai wani teksel ya zama huɗu wani biyar, faɗaɗawa ce. A Windows yana da kyau a duba ko an sa girman nuni a 125% ko 150%, domin tsarin yana iya sake miƙe wasan da bai san da wannan zaɓi ba. Idan kuma launin wani tayal ne yake leƙowa a bakin maƙwabcinsa, hotunan sun matsu da juna a faifan da aka tara su, kuma akan gyara da barin tazara ko maimaita fiksel ɗin gefe.

Idan kowane hoton allo lafiya yake amma motsi yana karkarwa, sai a rubuta bambancin matsayin ɗan wasa da na kyamara a kowane firam. Jerin lambobi irin 8, 9, 8, 9 ya nuna ɗaurewa ce aka yi daban-daban. Idan kuwa tuntuɓen yana zuwa ne lokaci-lokaci a kan kari ɗaya, matsalar agogo ce ba ta raga ba. A Unity, Fixed Timestep yana zuwa a 0.02, wato lissafin motsi sau 50 a daƙiƙa, allo kuma yana sabuntawa sau 60. A kowane firam shida akwai ɗaya da ɗan wasa bai gusa ba alhali kyamara ta gusa. Ana gyara wannan da sa Interpolate a kan Rigidbody 2D da kuma motsa kyamara a cikin `LateUpdate`, bayan komai ya gama motsi.

Akwai kuma dusashewar da ba ta cikin wasan kwata-kwata. Wasu allunan suna jinkirin sauya launi, musamman daga duhu zuwa haske, sai abu mai motsi ya bar inuwa a bayansa. Irin wannan ba ta fitowa a hoton allo ko a bidiyon da aka naɗa daga cikin kwamfutar, kuma takan ragu ko ta ɓace idan aka gwada wasan a wani allo.